Nazarin Lamari: Auna Tsagar Daɓe Daga Hoton da Aka Ɗauka a Karkace

Asalin matsalar

Wata ma'aikaciya mai kula da wani babban ɗakin ajiyar kaya ta lura da tsaga a daɓen kankare, a hanyar da ke tsakanin layuka biyu na kantocin ƙarfe. Ta ajiye farar takarda mai girman A4 kusa da inda tsagar ta fara, ta tsaya a bakin hanyar, ta ɗauki hoto guda da wayarta. Bayan mako uku aka cike tsagar, aka shafe daɓen gaba ɗaya da fenti mai kauri, har ba a iya ganin inda take.

Daga baya tsawon tsagar ya zama abin jayayya tsakanin masu ɗakin da ɗan kwangilar da ya zuba daɓen, domin a yarjejeniyarsu tsagar da ta wuce mita 2 tana bukatar a yanke wurin a sake zubawa, wadda ba ta kai ba kuwa cikewa ta wadatar. Babu wanda ya sa tef ya auna ta kafin a rufe, saboda haka hoton nan shi kaɗai ne shaida.

Faɗin hoton fiksil 4000 ne, tsayinsa 3000. Idan aka ƙirga daga kusurwar hagu ta sama, bakin tsagar na kusa yana fiksil 1713 zuwa dama da 2029 zuwa ƙasa, bakinta na nesa kuma yana 2222 da 754. Tazarar da ke tsakaninsu ita ce fiksil 509 a kwance da 1275 a tsaye, wato kusan fiksil 1373 idan aka ja miƙaƙƙen layi.

Mako na farko: awo da takardar A4

Abin da kowa ya fara yi shi ne kwatanta tsagar da takardar, tunda an san girmanta: milimita 210 a faɗi, 297 a tsawo. Wakilin ɗan kwangilar ya auna gefen takardar na kusa da kyamara, ya sami fiksil 327 a kan santimita 21, wato kusan fiksil 15.6 a kowace santimita. Da ya raba 1373 da wannan adadi, sai tsagar ta fito santimita 88. Ma'aikaciyar kuma ta yi amfani da dogon gefen takardar, wanda ya ɗauki fiksil 320 a kan santimita 29.7, wato kusan 10.8 a kowace santimita, sai ta sami santimita 127.

Lissafin kowannensu daidai yake a kan takarda, amma amsoshin sun yi hannun riga, kuma dalilin yana nan a fili cikin hoton. Takardar da tsawonta ya fi faɗinta da kusan kashi 41 cikin ɗari ta fito kamar mai gefuna daidai, 327 da 320. Bugu da ƙari, gefenta na nesa fiksil 290 da ɗoriya ne, alhali na kusa 327 ne, duk da cewa a zahiri duka biyun santimita 21 ne. Hoton da ma'auninsa ya canza haka a cikin tsawon takarda guda ba zai yarda a auna abu mai nisa da ma'auni guda ba.

Abubuwa biyu ne ke faruwa tare. Na farko, girman abu a hoto yana raguwa gwargwadon nisansa daga kyamara: idan nisa ya ninka, faɗi ya koma rabi. Na biyu, duk tsawon da ya kwanta yana nufar nesa yana ƙara takurewa, saboda ana kallonsa a karkace, kuma karkatar tana tsananta yayin da ake yin nisa. Sakamakon haka, a kan shimfiɗaɗɗen daɓe faɗi yana raguwa daidai da nisa, amma tsawon da ke tafiya ciki yana raguwa daidai da nisan sau kansa. Tsagar nan kuwa kusan dukanta ciki ta nufa.

Mako na biyu: gyaran kusurwa

Wani abokin aikin ma'aikaciyar ya kawo shawarar a gyara karkatar da lissafin kusurwa. An kimanta cewa kyamarar ta kauce daga kallon daɓe kai tsaye da kusan digiri 55, kuma `cos 55° ≈ 0.574`. Aka raba fiksil 1275 na tsaye da 0.574, aka sami kusan 2222, aka haɗa da 509 na kwance, jimillar ta zama kusan 2280. Da aka raba da 15.6, tsagar ta koma santimita 146.

Wannan hanya tana aiki idan abin da ake aunawa ƙarami ne ƙwarai idan aka kwatanta da nisansa daga kyamara, kamar hoton da aka ɗauko daga nesa da gilashi mai jawo abu kusa, domin a nan dukan sassan abin kusan nisa ɗaya suke, kuma kusurwa ɗaya ake kallonsu. A wannan hoto ba haka ba ne. Bakin tsagar na nesa ya kusan ninka na kusa nisa daga kyamara, don haka gyaran ya magance rabin matsalar kawai, ya bar raguwar da nisa ke jawowa. Ita kanta kusurwar kuma ƙiyasi ce daga yadda mai hoton ta tuna tsayuwarta. Ma'aikaciyar ta ƙi amincewa da adadin, saboda ta tuna tsagar ta ratsa yawancin tazarar da ke tsakanin ƙafafun kanta biyu, tazarar kuwa mita 3 ce.

Mako na uku: miƙe hoton da kusurwoyin takardar

A nan aka kira wani safiyo mai aikin awo daga hotuna. Ya bayyana cewa matuƙar abin da ake aunawa yana kwance a kan shimfiɗa guda, akwai ƙa'idar lissafi guda ɗaya da ke mayar da kowane ɗigo na hoton zuwa ainihin wurinsa a kan shimfiɗar. Ana kiranta homogirafi. Lambobi tara ne a jere uku-uku, amma takwas kawai ake nema, domin ninka su duka da lamba ɗaya ba ya canza komai. Kowane ɗigo da aka san wurinsa a hoto da kuma a ƙasa yana ba da ma'auni biyu, saboda haka ɗigo huɗu sun isa, da sharaɗin kada uku daga cikinsu su hau layi ɗaya. Ba a bukatar sanin irin wayar, ko tsayin mai hoton, ko kusurwar da ta riƙe ta.

Takardar A4 tana da kusurwoyi huɗu sanannu, don haka aka fara da ita. Mutum biyu suka danna kusurwoyin a kan allo, kowa daban. Na farko ya sami tsaga mai santimita 228, na biyu ya sami 263. Duka biyun sun wuce mita 2, amma bambancin santimita 35 ya ba ɗan kwangilar hujjar cewa hanyar ba abin dogaro ba ce, kuma a wannan matakin yana da gaskiya.

Safiyon ya bi diddigin bambancin, sai ya tarar da shi a gefen takardar na nesa: ɗaya ya karanta shi fiksil 293, ɗayan 288. Duk abin da lissafin ya sani game da karkatar hoton yana fitowa ne daga yadda gefuna biyu na takardar ke matsowa kusa da juna. Idan aka ci gaba da jan waɗannan gefuna, za su haɗu a wani layi can sama, wanda za a iya kira layin ɓacewa, kuma matsayin wannan layi shi ke yanke yadda ma'auni zai riƙa canzawa. Bambancin gefen kusa da na nesa fiksil 37 ne kacal, don haka kuskuren fiksil biyu da rabi ya riga ya ci kusan kashi 7 cikin ɗari nasa. A karatun farko layin ɓacewar ya faɗa fiksil 825 sama da bakin hoton, a na biyu kuma 430. Fiksil biyu da rabi a wannan wuri bai kai milimita 2 a kan takardar ba, kuma ɗan lanƙwasar da kusurwar takarda ke yi idan ta ɗaga daga ƙasa ya isa ya haifar da shi. Matsalar ita ce an auna abu mai santimita 30, sannan aka miƙa sakamakon zuwa nisan da ya ninka shi sau takwas.

Mako na huɗu: komawa wurin da tef

Safiyon ya nemi ɗigo huɗu da za su kewaye tsagar gaba ɗaya. Tsagar ta ɓace, amma kantocin ba su motsa ba, domin ƙafafunsu a ɗaure suke da daɓen, kuma huɗu daga cikinsu sun fito a hoton, biyu kusa, biyu nesa. Aka auna tsakaninsu da tef: santimita 180 a faɗin hanyar, 300 a tsawonta. Aka kuma auna daga kusurwa zuwa kishiyarta ta ɓangarorin biyu, kowanne ya ba da santimita 350. Wannan awo na biyu yana da muhimmanci, saboda gefuna huɗu na iya zama daidai alhali kusurwoyin sun karkace, kuma daidaituwar waɗannan layuka biyu ita ke tabbatar da cewa kusurwoyin digiri 90 ne.

Kafin lissafi an duba abubuwa biyu. An karɓo ainihin hoton daga wayar, domin kwafin da ake ta turawa ta manhajar saƙo an rage masa girma kuma gefunan abubuwa sun dushe. An kuma ɗora miƙaƙƙen layi a kan gindin kantocin don a ga ko gilashin kyamarar ya lanƙwasa shi. Homogirafi tana ɗauka cewa miƙaƙƙen layi a ƙasa miƙaƙƙe ne a hoto, kuma gilashi mai faɗin gani yakan kumbura layukan da ke kusa da gefe. Da an ga kumburi, da sai an fara gyara shi tukuna. A wannan hoto layin bai kauce ba sai da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. An ɗora doguwar sanda miƙaƙƙiya a kan daɓen ma, ba a ga kwari ko tudu a tsakanin ƙafafun ba.

Kuskuren da takardar ta tona

A gwajin farko an danna kan notin da ke kowace ƙafa, saboda su ne suka fi fitowa sarai a hoton. Tsagar ta fito santimita 239. Adadin ya yi kama da gaskiya, kuma da an tsaya a nan babu wanda zai yi ƙorafi. Amma safiyon ya riga ya ware takardar A4 a gefe, bai sa ta cikin lissafin ba, don ta zama abin gwada sakamako. Da aka auna ta da sabuwar ƙa'idar, sai ta fito santimita 20.4 da 28.9, maimakon 21 da 29.7. Duka gefunan sun gaza da kaso iri ɗaya, kusan kashi 2.7 cikin ɗari.

Gazawa iri ɗaya ta kowane ɓangare alama ce cewa ɗigon da aka zaɓa ba a kan daɓen suke ba. Kan kowane noti yana santimita 4 sama da ƙasa. Duk abin da ya ɗaga daga shimfiɗa ya matso kusa da kyamara, don haka yakan fito da girma fiye da yadda zai fito a ƙasa. Kyamarar tana kusan santimita 150 sama da daɓe, notunan kuma suna 146 ƙasa da ita, kuma 150 a raba da 146 ya ba da 1.027. Murabba'in ƙafafun ya kumbura da wannan adadi a hoton, sai duk abin da ke kan daɓen ya ƙanƙance da shi a lissafi. Aka sake dannawa a daidai inda ƙarfen ya taɓa kankare, a ƙarƙashin wuraren da aka ɗora tef.

Lissafin ƙarshe

Ƙafafun kusa sun faɗa a fiksil 535 da 3465 a kwance, duka a layin fiksil na 2380 daga saman hoton. Na nesa sun faɗa a 1372 da 2628, a layi na 677. Da yake mai hoton ta tsaya a tsakiyar hanyar tana fuskantar tsawonta, ana iya bin lissafin da hannu. Santimita 180 ta ɗauki fiksil 2930 a kusa, 1256 a nesa, wato ta ragu da 1674 a cikin layuka 1703. Idan raguwar ta ci gaba a haka, faɗin zai ƙare bayan layuka 2981 daga ƙafafun kusa, wato fiksil 601 sama da bakin hoton. Wannan ne layin ɓacewa na gaskiya, kuma yana tsakanin 430 da 825 da takardar ta bayar.

Nisan kowane ɗigo a ƙasa yana tafiya ne da kishiyar tazararsa daga wannan layi. Tazarar ƙafafun kusa 2981 ce, ta na nesa 1278, ta bakunan tsagar kuma 2630 da 1355. A lissafin, C tsayayyar lamba ce da ake samu daga santimita 300 da aka auna:

```
300 = C × (1/1278 − 1/2981)   →   C ≈ 671100
C × (1/2630 − 1/2981) ≈ 30
C × (1/1355 − 1/2981) ≈ 270
```

Tsagar ta fara santimita 30 bayan ƙafafun kusa, ta ƙare a 270, wato ta yi 240 a tsawon hanyar. A kwance kuma, ma'aunin fiksil 14.4 ne a kowace santimita a bakin kusa, 7.4 a na nesa, abin da ya sa bakin farko a santimita 70 daga layin ƙafafun hagu, na biyu a 120. Ta karkata da santimita 50 ke nan. Haɗa 240 da 50 bisa ƙa'idar alwatika mai kusurwa 90 ya ba da santimita 245.

Idan hoton ya karkata ta ɓangarori biyu, lissafin hannu yana wahala, sai a bar wa kwamfuta. An maimaita shi da OpenCV, wata manhajar sarrafa hotuna, ya ba da amsa ɗaya:

```python
import cv2, numpy as np
hoto = np.float32([[535,2380],[3465,2380],[2628,677],[1372,677]])
kasa = np.float32([[0,0],[180,0],[180,300],[0,300]])
H = cv2.getPerspectiveTransform(hoto, kasa)
p = cv2.perspectiveTransform(np.float32([[[1713,2029],[2222,754]]]), H)[0]
print(p, np.linalg.norm(p[1] - p[0]))
```

Dole jerin ɗigon ya zama iri ɗaya a layukan biyu, domin idan aka musanya biyu, lissafin zai ba da lamba ba tare da wani gargaɗi ba, lambar kuwa ba ta da ma'ana. A wannan karon takardar ta fito daidai da girmanta, da bambancin da bai wuce milimita 2 ba. Aka kuma sa kuskuren fiksil biyu da rabi da gangan a faɗin ƙafafun nesa, irin wanda ya jefa lissafin takardar cikin ruɗani, sai layin ɓacewar ya matsa da fiksil 4 kawai, tsawon tsagar kuma bai canza da ko santimita ɗaya ba.

Abin da hoton ya kasa bayarwa

Masu ɗakin sun so a fitar musu da faɗin tsagar ma, safiyon ya ƙi. A bakin kusa fiksil ɗaya yana wakiltar kusan milimita 0.7 a kwance, a bakin nesa kuma kusan 1.4 a kwance da 3.7 a tsawon hanyar. Tsagar da faɗinta bai wuce milimita ɗaya ko biyu ba tana fitowa ne a matsayin duhun layi mai fiksil ɗaya ko biyu, kuma kaurin wannan layi ya fi dogara da inuwa da gyaran da waya ke yi wa hoto fiye da faɗin tsagar. Miƙe hoton yana shimfiɗa fiksil ɗin da ke akwai ne kawai, ba ya ƙara bayanin da kyamara ba ta ɗauka ba. Saboda wannan dalili ma, bakin tsagar na nesa shi ne wurin da ya fi shakku: kuskuren fiksil 5 wajen gane inda ta ƙare ya kusan kai santimita 2, kuma tana iya ci gaba da siririn zare wanda hoton bai kama ba. Zurfinta kuwa ba ya cikin shimfiɗar daɓen kwata-kwata, don haka wannan hanya ba ta da ta cewa a kansa.

Sakamako da hukunci

Rahoton ya ce tazarar da ke tsakanin bakunan tsagar da ake iya gani santimita 245 ce, da yiwuwar ƙari ko ragi na santimita 3, kuma ainihin tsawonta ba zai gaza haka ba tunda tsaga ba ta tafiya a miƙe. Ɗan kwangilar ya sa nasa injiniyan ya sake auna ƙafafun ya maimaita lissafin, amsarsa ta faɗa cikin wannan iyaka, aka amince cewa tsagar ta wuce mita 2, aka tsara yanke wurin.

A ganina, gwaji biyu na farko sun gaza ne tun daga tushe, domin sun ɗauka hoton yana da ma'auni guda, kuma babu yawan taka-tsantsan da zai cece su. Na uku hanyarsa daidai ce, abin kwatancen ne ya yi ƙanƙanta, kuma wannan ya fi haɗari saboda hoton da aka miƙe yana fitowa da kyan gani ko da lambobinsa sun kauce. Na huɗu ya yi nasara saboda ɗigon huɗu sun kewaye tsagar, an auna su da tef a wurin, kuma suna kan shimfiɗa ɗaya da ita. Matakin da na fi ba nauyi shi ne ware takardar daga lissafi. Ɗigo huɗu kullum suna dacewa da homogirafi ɗari bisa ɗari, ko an danna su daidai ko ba a danna ba, don haka lissafin ba zai taɓa nuna kuskurensa da kansa ba. Sai da wani tsawo na biyar da aka sani aka gane cewa 239 ta gaza da santimita 6. Ɗakin ajiyar ya canza tsarinsa daga nan: ana sa tef a auna kowace tsaga kafin a taɓa ta, hoton kuma ana ɗaukarsa daga sama kai tsaye gwargwadon iko, da sanda mai awo guda biyu a kwance, ɗaya a kowane bakin tsagar.